Yadda za ka tura dosiyen neman aiki ta mel ba tare da ka bar takarda ko ɗaya a baya ba

Wata alhamis bayan la'asar ɗiyar yayata ta shigo shagona nan kartiye Zariya da faran leda cike da takardu, fuskarta duk a ɗaure. Ta gama karatun aikin jinya shekara biyu ke nan, ta tura dosiye wuri huɗu ba wanda ya ko kira ta, ga wata sanarwa kuma ta fito ta wata ƙungiya mai aikin tamowar yara wajen Madarunfa, za a rufe karɓa gobe jumma'a ƙarfe 5 na marece. Ta ce "Kawu, ni dai ina ga ba a duba namu, sai wanda ya san wani." Na ce ɗiyata ba ni wayar mu ga abin da kika tura wancan karon tukuna.

Munka buɗe `Messages envoyés`. Wurin `Objet` babu komi, jikin saƙon ma babu ko sallama, sai fishiye biyar a ƙasa, fayil ke nan ga ƴan uwanmu na Katsina, kuma ga irin sunayensu:

```
IMG-20250114-WA0007.jpg
IMG-20250114-WA0009.jpg
IMG-20250114-WA0009(1).jpg
Document (3).docx
cv bon bon dernier.docx
```

Biyu daga ciki hoto ɗaya ne an saka shi sau biyu, diplom ɗin da shi ne ran dosiyen baya ciki sam, kuma hoton takardar haihuwa an ɗauke shi bisa tabarma da inuwar hannu ta rufe tambarin meri. Yarinyar nan ta sha wahalar karatu, uwarta ta saida tumaki don kuɗin makaranta, abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, shi ya sa na zauna na rubuta yadda munka gyara na wannan karon daki-daki, don kusan kowane mako sai na ga irin haka a shago.

Ka fara tuna wanda zai buɗe

Kafin komi ka sa a ranka cewa mutum ne zai buɗe saƙon nan, sakatariya ce ko wani ma'aikaci, kuma ba naka kaɗai ke gabanshi ba. Abin da yawancinsu ke yi shi ne su sauke takardun kowa su zuba wuri guda cikin ordinata, to daga lokacin da fishiyenka ya bar cikin mel ya faɗa wurin nan, ba sauran abin da ke nuna naka ne sai sunan da ka sa mishi. In sunan `CV.pdf` ne, akwai wasu `CV.pdf` da yawa gefenshi, ordinata za ta maida shi `CV (14).pdf` ko ma wani ya danne wani in mai aikin ya yi sauri. Ba ƙeta ba ce, ba kuma sanayya ba ce, takardarka ce ta ɓace cikin ƴan uwanta. Duk abin da zan faɗa ƙasa daga nan ya taso.

Mataki na farko: lissafi a takarda, da bik

Ban bari ta taɓa waya ba sai da munka ɗauki sanarwar munka karanta ta layi-layi, ita tana karantawa ni ina rubuta abin da anka nema a bayan wata tsohuwar fotokopi, kowane da lambarshi. Takwas munka samu: wasiƙar neman aiki, CV, diplom da anka yi ma legalize, shaidar wuraren da ta yi sitaj, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, kaziye na jistis wanda bai wuce wata 3 ba, da katin shaida.

Jerin da sanarwa ta bi shi za ka bi, kar ka sake mishi tsari don kana ganin diplom ya fi girma ya kamata ya zo farko, mai dubawa yana da takardarshi da ke bin jerin sanarwar yana sa alama ɗaya bayan ɗaya, in ka bi jerinshi ka sauƙaƙa mishi aiki. Kuma gefen kowace lamba ka rubuta shafi nawa ne. Nan ne mutane ke faɗawa, katin shaida gaba da baya ne, shafi biyu ke nan, in ka tura gaban kaɗai kamar ba ka tura ba ne. Shaidar sitaj ɗinta guda biyu ce daga wuri biyu, CV shafi biyu. Da munka tara, takardu 8 ne amma shafi 11.

A nan ne kuma munka ga kaziyenta saura kwana tara ya cika wata ukun, ya shiga dai, amma da mako biyu ne gaba da sai an koma jistis. Ka duba kwanan wata na duk takardar da ke mutuwa tun a matakin nan, ba daren rufewa ba.

Sai ka sake komawa ƙasan sanarwar, wurin da mutane ba su karantawa, don can ake ɓoye sharuɗɗan turawa. Wasu za su ce duka a fishiye ɗaya na PDF, wasu su ce kowace takarda daban, wasu su faɗi nauyin da kar a wuce, kuma kusan kullum akwai kalmomin da suke so a rubuta a `Objet`, sau da yawa da lambar gurbin aikin. Tata ta ce PDF kawai, kar duka ya wuce 5 Mo, kuma a sa sunan aikin da lambarshi a `Objet`. In sanarwa ta faɗi yadda za a sa wa fishiye suna, to ka manta da nawa tsarin ka bi nasu harafi da harafi.

Mataki na biyu: maida takardu PDF, a kula da nauyi

Hoton waya kai tsaye yana da nauyi, wayoyin yanzu hoto ɗaya kan kai 3 Mo zuwa 5 Mo. Shafi 11 a 4 Mo kowane ya kai 44 Mo ke nan, alhali Gmail ba ta ɗaukar abin da ya wuce 25 Mo a saƙo ɗaya, in ka wuce sai ta ɗora shi a Google Drive ta saka mahaɗi a madadin fishiyen. Kai kana ganin ya tahi, shi kuma can in ba a buɗe mishi izini ba zai danna ya ga ana ce mishi ya nemi izini, kuma ba wanda zai zauna yana roƙonka izini yana da dosiye da yawa gabanshi. Don haka dosiyen neman aiki ni ban yarda a tura shi da mahaɗi ba sai in su sunka ce a yi haka.

Akwai wani abu kuma da ba a sani ba, fishiye yana ƙara kumbura cikin mel, wajen kashi ɗaya cikin uku, saboda yadda ake juya shi ya zama rubutu kafin ya bi hanya. Abin da ke 9 Mo a wayarka zai isa can yana wajen 12 Mo, in akwatin ƙungiyar an ƙayyade shi a 10 Mo sai ya ƙi shiga ya dawo maka. Shi ya sa in an ce 5 Mo, ni nakan tsaya ƙasa da 3,5.

Mu a injin sikan na shago munka yi, na sa shi a 150 dpi, ma'aunin kaifin hoto ke nan, launin toka ba kala ba, ban da diplom da katin shaida da na bari da kala don tambari da hoto su fito. Kowane shafi ya zo tsakanin 200 Ko da 400 Ko, duka dosiyen bai kai 3,5 Mo ba. In babu inji kusa, manhajar Google Drive ta waya tana da wurin sikan da kyamara, tana yanke gefuna ta ba ka PDF, kuma kana iya ƙara shafi na biyu cikin fishiye ɗaya, haka za ka yi wa katin shaida gaba da baya. Ka shimfiɗa takardar bisa tebur ko farar takarda, a inuwa mai haske kamar zaure da hantsi, kar ka kunna fitilar waya don tana wanke tambari, kar kuma ka yi da dare a hasken ƙwai ɗaya. Bayan ka gama ka buɗe ka ja hoton da yatsu biyu, in kana iya karanta ƙananan rubutun cikin tambari da kwanan wata to ya yi, in ba ka iyawa shi ma ba zai iya ba.

Kar ka bi da takardu ta WhatsApp a matsayin hoto, tana matse su har rubutu ya dushe, kuma ita ce ke ba su sunan nan mai `WA0007`. In dole sai mai sibar ya turo maka ta can, ka ce ya turo a `Document`, haka suna zuwa yadda suke da sunansu.

Wasiƙa da CV kuma da anka rubuta a Word, a maida su PDF ta `Enregistrer sous` a zaɓi PDF. Dalili, Word yana sake kama daga inji zuwa inji, abin da ka jera tsaf a sibar zai iya buɗewa can layuka sun hau juna. Kuma don Allah canza wutsiyar suna daga `.docx` ko `.jpg` zuwa `.pdf` da hannu ba ya maida shi PDF, lalata shi kawai yake ya ƙi buɗuwa, na ga wanda ya yi haka da takardu shida. Wasiƙar in an ce sai da sa hannu, a fidda ta a takarda a sa hannu da bik sannan a yi mata sikan.

Mataki na uku: suna

Nan nake so in daɗe kaɗan don nan ne aikin yake. Suna mai kyau yana amsa tambaya uku ba tare da an buɗe fishiyen ba: na wane ne, na nawa ne a jeri, mi ke ciki. Ba zan sa sunanta na gaskiya ba, mu ce Wance ɗiyar Wane, ga yadda munka yi:

```
WANE_Wance_01_Lettre.pdf
WANE_Wance_02_CV.pdf
WANE_Wance_03_Diplome.pdf
WANE_Wance_04_Attestations_stage.pdf
WANE_Wance_05_Acte_naissance.pdf
WANE_Wance_06_Nationalite.pdf
WANE_Wance_07_Casier.pdf
WANE_Wance_08_CNI_recto_verso.pdf
```

Sunan mutum ya zo farko saboda in an zuba takardun kowa wuri guda aka jera su bisa haruffa, naka takwas ɗin za su tsaya tare kamar ƴan gida ɗaya, ba za su watse cikin na mutane ba. Kuma ka rubuta sunan daidai yadda yake a takardar haihuwa, ba yadda ake kiranka a gida ba. Mu nan muna da matsalar nan sosai, mutum ɗaya a wata takarda an rubuta sunanshi da rubutun Faransanci mai `ou` da `ch`, a adireshin mel ɗinshi kuma ya sa laƙabi ko sunan ƙungiyar ƙwallo, mai dubawa bai da yadda zai haɗa su. Na takarda shi ne sunanka a wurin nan.

Lambar kuma da sifili a gaba, `01`, `02`, ba `1`, `2` ba. Wasu injuna suna jera suna harafi-harafi ne, in takardunka sun kai goma sai ka ga `10` ya tsallako ya zauna tsakanin `1` da `2`. Sifilin ke hana haka. Amfaninta na biyu ya ma fi wannan, in ka duba ka ga daga `05` an tsallaka zuwa `07`, idonka da kanshi zai gaya maka akwai wadda ta rage, ba sai ka tuna ba.

Abin da ke ciki ka rubuta shi da harshen sanarwar, da kalmar da su sunka yi amfani da ita. Ka lura ban sa wa `Diplome` da `Nationalite` ƴan alamomin nan na saman harafi ba, da gangan ne, haka kuma haruffanmu masu ƙugiya, ɗ da ƙ da ɓ da ƴ, ina son su ƙwarai a rubutu amma a sunan fishiye ban sa su, don wani tsohon inji ko wani shafin karɓar dosiye zai iya maida su wasu alamomi marasa ma'ana. Maimakon tazara ka sa `_` ko `-`. Windows kuma sam ba ta karɓar waɗannan a suna:

```
\ / : * ? " < > |
```

Wannan ya shafi masu son sa kwanan wata da `/` a tsakani. In takarda ce da ake sakewa, kamar faktir ko lissafin kaya da ɗan kasuwa ke tura ma abokin cinikinshi a Yamai ko Kano, kwanan wata ya fi `dernier` da `final` da `bon bon` amfani nesa ba kusa ba, don na ƙarshe na yau gobe ba shi ne na ƙarshe ba. A rubuta shekara, wata, rana, kamar `2025-03-07`, haka suna jeruwa da kansu daga tsoho zuwa sabo. Amma a dosiyen aiki ba ka buƙatar shi, kar suna ya yi tsawo har waya ta yanke shi ta bar ɗigo uku.

Yadda ake canza sunan a waya: ka shiga manhajar fishiye, `Files` ko `Mes fichiers` gwargwadon wayarka, ka nemo fishiyen ka danna ɗigo ukun gefenshi ko ka riƙe shi da yatsa, ka zaɓi `Renommer`, ka goge tsohon sunan ka bar `.pdf` ɗin yadda yake. Dole a nan za ka yi kafin ka shiga mel, don in ka riga ka maƙala shi a Gmail babu wurin gyara suna a ciki. Kuma duk wanda za ka sa ma suna ka buɗe shi tukuna ka gani da idonka, ɗaya bayan ɗaya. Ita ɗiyar tawa sai da ta sa ma takardar zama ɗan ƙasa sunan `Casier` don duka biyun daga jistis sunka fito kuma a ƙaramin hoto kama suke, da buɗewa munka gano.

Daga nan ka buɗe sabon wurin ajiya da `Nouveau dossier`, ka sa mishi sunan aikin, ka kwashe takwas ɗin nan kaɗai ka zuba ciki, kar ka bar tsohon CV ko hoton da bai yi kyau ba a wurin. Lokacin maƙalawa daga nan kaɗai za ka ɗauka, don mafi yawan kuskuren tura tsohuwar takarda daga `Téléchargements` yake fitowa, inda abu ɗaya ke da kwafi huɗu.

In kuwa an ce fishiye ɗaya, jerin nan dai za ka bi wajen haɗa su, sunan ya zama kamar `WANE_Wance_Dossier_Infirmiere.pdf`, ka buɗe ka ƙirga shafi, namu da 11 za mu nema. In a sibar aka haɗa maka, ka tsaya a goge takardunka daga injinsu a gabanka, katin shaida da takardar haihuwa ba abin bari a ordinatar da kowa ke zama ba ne.

Mataki na huɗu: maƙala tukuna, rubutu bayan nan, adireshi daga ƙarshe

Mutane daga sama suke farawa, su sa adireshi, su rubuta saƙo, sai ran ya ce an gama, yatsa ya tahi wurin turawa, takardu na nan zaune. Ni juya shi nake. Ka bar wurin `À` fanko, saƙon da babu adireshi ba ya tahiya ko ka danna bisa kuskure. Ka danna alamar ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake maƙale takardu da shi a biro, ka ɗauko fishiyen daga `01` har `08`, in a ordinata ne ka jira layin lodin kowane ya cika, don rezo in yana ja wani zai tsaya a rabi ya nuna kuskure kai ba ka lura ba.

Sannan `Objet`, yadda sanarwa ta ce, ka ƙara sunanka a ƙarshe in ba su hana ba. Sannan jikin saƙo. Ba dogon bayani ake so ba, wasiƙarka tana ciki ai, abin da ake so shi ne ka faɗi kai wane ne, wane aiki, takarda nawa ka maƙala da sunayensu. Tunda sanarwar da Faransanci take, ga abin da munka rubuta bayan gaisuwa:

```
Veuillez trouver ci-joint mon dossier de candidature
au poste d'infirmière, en 8 fichiers PDF (11 pages) :
01 Lettre, 02 CV, 03 Diplôme, 04 Attestations de stage (2),
05 Acte de naissance, 06 Certificat de nationalité,
07 Casier judiciaire, 08 CNI recto verso.
```

Sai sunanta cikakke da lambar wayarta a ƙasa. In wanda kake tura mawa Bahaushe ne kuma da Hausa kuke harka, haka dai za ka ce, "Alhaji ga takardu uku na maƙala, faktir na watan nan, rasit na kuɗin mota, da hoton kayan", ba "ga shi nan" kaɗai ba. Faɗin adadin yana aiki ta fuska biyu. Shi mai karɓa in ya ga ka ce takwas ya ƙirga bakwai ya san akwai wadda ta maƙale a hanya ko ta ɓuya a ƙasan allo, zai iya nemanka. Kai kuma lokacin da kake rubuta jerin kana kallon abin da ka maƙala ne, ba daga ka kake rubutawa ba, nan take za ka ga giɓi.

In akwai abin da babu, ka faɗa a nan. Misali diplom bai fito ba sai shaidar cin jarrabawa ke hannunka, ka sa ma fishiyen sunan abin da yake da gaske kuma ka rubuta layi ɗaya cewa ita ce a madadin diplom ɗin kafin ya fito. Kar ka sa mata sunan `Diplome` a buɗe a ga wani abu daban, wannan yana zubar da yarda.

Gmail a ordinata wani lokaci takan tsayar da kai ta tambaye ka in ta ga ka ambaci maƙala takarda amma babu komi a maƙale. Taimako ne amma kar ka jingina da shi, wasu kalmomi kawai take kamawa, kuma ko ta kama, babu ruwanta da ko bakwai ka sa a maimakon takwas ko tsohon CV ka ɗauko.

Mataki na biyar: ƙirga uku kafin yatsa ya sauka

Na sa ta ɗauko takardar nan da munka rubuta da bik, ta riƙe a hagu, waya a dama. Takarda ta ce takwas, jikin saƙo ya ce takwas, fishiyen da ke maƙale ta ƙirga su da yatsa da ƙarfi ina ji, a waya sai ka ja ƙasa sosai don ba duka ke fitowa a allo ba. In ukun nan sun zo ɗaya, to sai adireshi. Kar ka rubuta shi daga ka, ka kwafo daga sanarwar, in a hoto take ka rubuta sannan wani ya karanto maka harafi-harafi kana bi, a kula da ɗigo da `-` da `_`, da `l` da `1`, da `rn` da ke kama da `m`. Kuma a kula da adireshin da waya ke kawo maka da kanta da ka fara rubutu, sau da yawa na wata ƙungiyar da ka taɓa tura mawa ne.

Ni ina da ɗabi'a ɗaya da nake sa kowa, ka fara tura ma kanka ko wani na gida, ka buɗe a wata wayar daban. Mun tura a tawa, na buɗe takwas ɗin duka, nan na ga CV shafi na biyu ya juye kai ƙasa, munka gyara cikin minti biyu. Amma in za ka tura na gaskiyan daga wannan gwajin, ka sani `Répondre` ba ya ɗaukar abin da ke maƙale, `Transférer` ne ke ɗauka, shi kuma yana sa `Fwd:` a `Objet` da wasu layuka a jiki da sai ka goge. Ya fi tsabta ka buɗe sabon saƙo ka sake maƙalawa daga wurin ajiyar nan.

Da ka danna turawa, `Annuler` zai fito a ƙasan allo na ƴan daƙiƙu, in ka tuna wani abu nan take ka danna shi saƙon ya dawo. A ordinata cikin `Paramètres` ana iya ƙara lokacin, zaɓin 5 ne, 10, 20 ko 30, ni na sa nawa a 30 tuntuni.

Bayan an tura

Kar ka kashe intanet ɗin waya nan take don tsimin mega. Saƙo mai nauyi yana iya zama a `Boîte d'envoi` yana jiran rezo, kai kana gida kana addu'a shi bai ko fita daga wayarka ba. Ka shiga `Messages envoyés` ka gan shi can, ka buɗe ka sake ƙirga takwas, ka duba awa. Sannan ka jira kamar minti goma ka duba akwatin shigowa har da `Spam`, in ka ga saƙo daga `Mail Delivery Subsystem` to bai isa ba, ko adireshi ba daidai ba ko nauyi ya yi yawa ko akwatinsu ya cika, dalilin yana rubuce ciki. Wannan shi ya sa munka tura daren alhamis ba mu jira jumma'a ba, ranar rufewa kowa ke turawa, ga sallar jumma'a, ga wuta da kan ɗauke da zafin rana.

In kuma duk da haka ka gano ka manta wata takarda kuma lokaci bai ƙure ba, kar ka tura ta ita kaɗai a sabon saƙo marar bayani, za ta zama marainiya ba wanda zai san dosiyen da za a haɗa ta da shi. Ka sake tura dosiyen duka cikakke, `Objet` ɗin nan dai amma ka fara da `Annule et remplace`, a layin farko ka faɗi cewa wannan ya maye gurbin wanda ka tura ranar kaza ƙarfe kaza, kuma takarda kaza ce aka ƙara. Sau ɗaya, ba sau huɗu ba.

Nata ya fita ƙarfe 8 da minti 40 na dare, munka gan shi a `Messages envoyés` da takardunshi takwas, ba abin da ya dawo. Na ce ta ɗauki hoton allon ta ajiye, wurin ajiyar nan ma kar ta goge shi, in wata sanarwa ta fito wasiƙa kaɗai za ta sake da kaziye in ya mutu, sai ta duba ko jerin sabuwar sanarwar ya bambanta ta gyara lambobin. Ta maida takardunta cikin leda tana cewa "Kawu, na Tasawa ma da ke rufewa mako mai zuwa ni zan yi da kaina, kai dai ka duba mini kafin in sa adireshi."